Tikitin fita: abin da takarda ɗaya ke gaya wa malami kafin a kaɗa ƙararrawa

A kusan kowane aji na firamare ko ƙaramar sakandare a Sakkwato, darasi yana ƙarewa da tambaya guda: "Kun gane?" Amsar ita ma guda ce, ana ba da ita da murya ɗaya mai ƙarfi: "Mun gane, Malam!" Malami ya kakkaɓe allin da ke hannunsa ya fita, yana ganin ya sauke nauyi. Sai bayan makonni biyar ko shida, lokacin da aka yi gwajin tsakiyar zango, ya tarar da cewa fiye da rabin ajin ba su kama abin da aka koyar ba, alhali ya riga ya ɗora wasu darussa uku ko huɗu a kan wancan tubalin da bai bushe ba. Yaran ba ƙarya suka yi masa da gangan ba. An tarbiyyantar da su a kan kada su ba babba kunya, yaron da bai gane ba yana jin nauyin ɗaga hannu a gaban sa'o'insa, kuma sau da yawa shi kansa bai san bai gane ba, domin lokacin da malam yake yi a allo komai ya zo masa da sauƙi.

Abin da ake kira tikitin fita an yi shi ne don toshe wannan ɓaraka. Tambaya ce ɗaya ko biyu, gajeru, da kowane ɗalibi zai amsa shi kaɗai a ɗan guntun takarda cikin minti biyar na ƙarshen darasi, ya miƙa wa malami kafin ya fita ko kafin wani malamin ya shigo. Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin a makarantar allo almajiri ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya abin da aka rubuta masa, kuma malam ba ya ƙara masa karatu don kawai ya ce ya iya. Bambancin shi ne, a can hadda da kyan furuci ake dubawa, a nan kuwa ana neman a leƙa cikin tunanin yaro a ga ta wace hanya ya bi ya isa ga amsarsa. A fagen bincike, Paul Black da Dylan Wiliam na Birtaniya sun tattara nazarce-nazarce kusan 250 a shekarar 1998, suka nuna cewa auna fahimta a tsakiyar koyarwa yana ɗaga ƙwazon ɗalibai, musamman masu rauni, amma bisa sharaɗin cewa malami ya yi amfani da abin da ya gano ya sauya koyarwarsa. Wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya, kuma za mu dawo gare shi.

Duk wanda ya yi karatun koyarwa, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san cewa tsarin darasin da ake rubutawa yana da matakin auna fahimta kafin kammalawa. Saboda haka wani zai ce ai dama muna yi. Abin da aka saba yi shi ne malami ya jefa tambaya, yara biyar ko shida da ke benci na gaba su ɗaga hannu, ya zaɓi ɗaya, ya amsa daidai, a tafa masa. Abin da malamin ya sani bayan wannan shi ne yaro ɗaya ya gane, kuma yaron da dama ake kyautata zaton zai gane. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma ajin da ke ɗauke da sittin ko saba'in ba abin mamaki ba ne a makarantun gwamnati na cikin gari, kuma a irin wannan aji muryar yaro ɗaya ba ta wakiltar kowa. Tikitin fita yana karɓo amsa daga kowane hannu, har da na yarinyar da ke can kusurwa wadda ba a taɓa jin muryarta ba.

Sai dai wahalar aikin tana wajen tsara tambayar, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Mu ɗauki aji biyar na firamare, ɗalibai 64, darasi na minti arba'in a kan tara ɓangarori waɗanda lambobinsu na ƙasa suka bambanta. Malama ta yi misali a allo da 1/2 + 1/3, ta nuna yadda ake neman ƙaramar lambar da 2 da 3 ke shiga cikinta ba tare da saura ba, wato 6, ta mayar da rabi ya zama 3/6, sulusi ya zama 2/6, ta haɗa ta sami 5/6. Yara sun yi wasu misalai biyu tare da ita. Saura minti shida a tashi. Wace tambaya za ta yi?

Idan ta sake ba su 1/2 + 1/3, abin da za ta auna shi ne waɗanda suka kwafi allo da kyau. Idan ta ce su faɗi matakan tara ɓangarori, za su rero mata su kamar waƙa, kuma yaro yana iya rera matakai ba tare da ya iya bin su ba. Idan ta yi tambayar da amsarta i ko a'a ce kawai, rabin waɗanda ba su san komai ba za su dace ta hanyar canki-canka. Ko da kuwa zaɓi huɗu ta bayar, a aji na 64 da kowa ke canka ana sa ran kimanin 16 su faɗa kan daidai. Akwai kuma wani tarko da ya fi waɗannan ɓoyuwa, wato tambayar da gurguwar hanya ke kai yaro ga amsar gaskiya. Misali, idan aka tambayi yaro wanne ya fi girma tsakanin 3/4 da 1/2, wanda yake zaton duk ɓangaren da ke da manyan lambobi shi ne babba zai ce 3/4, kuma ya yi daidai, sai malama ta ɗauka ya gane alhali kuskuren yana nan kwance. Da 1/3 da 1/5 ta ba shi, da kuskuren ya fito fili.

Tambaya mai kyau ita ce wadda kowace amsa marar daidai take nuna wani takamaiman kuskure na tunani, ta yadda malama za ta kalli lambar da yaro ya rubuta ta san abin da ke kansa ba sai ta tambaye shi ba. Saboda haka malamarmu ta rubuta tambayoyi biyu a allo. Ta farko: 1/4 + 2/3. Ta biyu: wani yaro ya ce 1/2 + 1/4 = 2/6, to ba tare da ka yi lissafi ba, ta yaya za ka san bai yi daidai ba? Ta farkon tana duba ko yaro ya iya bin hanya da sababbin lambobi. Ta biyun tana duba ko ya san girman abin da yake tarawa, domin wanda ya san cewa 2/6 sulusi ne zai ga cewa ba yadda za a ƙara wani abu a kan rabi a sami abin da bai kai rabi ba.

Tun kafin ta shigo aji ta yanka takardu goma sha shida gida huɗu-huɗu, ta sami 64, ta ba shugabannin layi su raba lokacin da take rubuta tambayoyin. Ta share misalan da ke allo, ta ce a rufe littattafai, kowa ya rubuta sunansa. Da yake yara biyar ne a benci ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ba ta da yadda za ta hana ido kallon takardar maƙwabci, don haka malamin da ya ga kwafe ya yi yawa yana iya ba da tambaya kashi biyu, na ɗaya da na uku da na biyar a benci su yi 1/4 + 2/3, na biyu da na huɗu su yi 1/3 + 2/5, waɗanda nauyinsu ɗaya ne kuma kurakuransu iri ɗaya. Amma abin da ya fi rage kwafe shi ne yara su tabbata cewa babu maki a wannan takarda, babu kuma bulala. Ranar da aka fara shigar da sakamakon tikitin cikin makin gwajin zango, ko aka kira sunayen waɗanda suka faɗi a gaban aji, daga ranar yaro zai fara ɓoye abin da bai sani ba, alhali shi ne abin da ake nema ya bayyana.

A ofishin malamai, ba ta ɗauki jan biro ba. Tana duba amsar farko kawai tana jefa takardu tuli-tuli, kowace takarda daƙiƙa biyar ko shida, aikin da bai wuce minti bakwai ba. Mu ƙaddara abin da ta samu shi ne: 27 sun rubuta 11/12, wanda shi ne daidai, 22 sun rubuta 3/7, tara sun rubuta 3/12, shida kuma ko dai sun bar wurin fayau ko sun rubuta abin da ba a gane kansa ba. Wanda ke neman maki kawai zai ce 27 sun ci, 37 sun faɗi, a sake darasin. To amma waɗannan 37 ba ciwo ɗaya ke damunsu ba, kuma magani ɗaya ba zai yi musu ba.

Masu 3/7 sun tara sama da sama, ƙasa da ƙasa: 1 da 2 uku, 4 da 3 bakwai. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin sakarci ba, domin yaron yana bin wata ƙa'ida ce da ta yi masa aiki shekara huɗu, wato idan ka ga alamar tarawa ka haɗa lambobin da ka gani. Har ma akwai inda hanyar tasa take gaskiya: wanda ya ci tambaya 1 cikin 4 a gwajin farko, ya ci 2 cikin 3 a na biyu, lalle ya ci 3 cikin 7. Abin da bai kama ba shi ne cewa a tara ɓangarori, rubu'in da sulusin duk na abu ɗaya ne, mudu ɗaya ko lemo ɗaya, kuma lambar ƙasa suna ce ta girman yanki, ba adadin da ake ƙirgawa ba. Irin wannan yaro ko sau goma aka maimaita masa matakai zai bi su a gaban malama, ya koma hanyarsa bayan kwana biyu, domin ba a taɓa nuna masa inda hanyar tasa ta karye ba.

Masu 3/12 sun fi kusa da gaci nesa ba kusa ba. Sun gane cewa sai an daidaita lambar ƙasa, sun nemo 12 daidai, amma suka bar lambobin sama yadda suke, suka tara 1 da 2. Abin da ya kuɓuce musu mataki ɗaya ne, kuma asalinsa rashin ƙwarewa ne a darasin da ya gabata, na ɓangarori masu daidai da juna, wato cewa 1/4 shi ne 3/12, kuma 2/3 shi ne 8/12. Shidan ƙarshe kuwa takarda ba za ta faɗi matsalarsu ba. Wataƙila wani bai zo jiya ba, wani bai iya karanta abin da ke allo ba, wani kuma yunwa da zafin watan Afrilu sun riga sun gama da shi tun kafin darasin ƙarshe. Waɗannan sai an zauna da su baki da baki.

Daga nan ta koma kan tulin masu daidai, ta karanta amsarsu ta biyu, kuma a nan ne aikin ya fi ba da mamaki. Cikin 27, mu ce goma sha ɗaya ne suka rubuta wani abu mai kama da "2/6 bai kai rabi ba, kuma da rabi aka fara". Sauran goma sha shida sun rubuta "saboda bai nemi lambar ƙasa ba", ko kuma suka yi lissafin da aka ce kada a yi suka kawo 3/4. Waɗannan sun iya hanya, kuma wannan abin yabo ne, amma ba su da wani ma'auni a kansu da zai gaya musu cewa amsa ta kauce idan wata rana suka manta mataki. Da tambaya ɗaya malama ta yi, da ta tafi gida da zaton yara 27 sun gama da wannan babi. A ganina wannan ne dalilin da ya sa tambaya ta biyu, mai neman dalili, ta cancanci minti biyun da take ci, ko da yake ta fi wuyar dubawa.

Yanzu sharaɗin da aka ambata a baya ya zo. Washegari malama ba ta shiga sabon babi ba, ba ta kuma maimaita darasin jiya kalma da kalma ba. Da yake kashi ɗaya cikin uku na ajin suna kan kuskure guda, ta ba shi minti goma na farko tare da kowa. Ta rubuta 1/2 + 1/2 a allo, ta ce a yi shi ta hanyar tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, aka sami 2/4. Sai ta tambaya: "Idan Inna ta auno rabin mudun gero, ta ƙara wani rabin mudu, rabin mudu za ta samu?" Duk yaron da aka taɓa aika awo ya san mudu guda ne cif. Ta bar su suka yi gardama a tsakaninsu na ɗan lokaci kafin ta ce komai, domin so take su ga da idonsu cewa hanyar ta kai su ga abin da ba zai yiwu ba. Bayan haka ta zube dabino goma sha biyu a kan tebur, ta kira yaro ɗaya ya ware rubu'insu, ya ware uku, ta kira wata ta nuna sulusi biyu, ta ƙirga takwas, aka haɗa aka sami goma sha ɗaya cikin goma sha biyu. Wannan nuni ɗaya ya yi wa masu 3/7 aiki, ya kuma yi wa masu 3/12, domin sun ga da ido yadda 1 ya zama 3, 2 ya zama 8. Sa'annan ta raba goma sha ɗayan nan da suka yi bayani a cikin benci-benci su taimaka, ita kuma ta ja shidan gefe.

Ƙa'idar da za a iya ɗauka daga nan mai sauƙi ce, kodayake ba doka ba ce. Idan kuskure guda ya kama kaso mai yawa na aji, matsalar tana cikin yadda aka koyar, kuma gyaran na kowa ne, da wata hanya dabam da ta jiya. Idan 'yan kaɗan ne, a ci gaba da sabon darasi a ware musu lokaci. Idan kuwa kusan kowa ya yi daidai, a wuce, kada a ɓata lokacin yara a kan abin da suka riga suka iya. Malamin da ke karɓar takardu kullum yana cusa su a aljihun tebur ba tare da yara sun ga wani abu ya sauya washegari ba, cikin mako biyu za su fara rubuta abin da suka ga dama, kuma suna da gaskiya. Ga mai darussa shida a rana, gara ya yi tikitin sau biyu a mako a kan darussan da wasu za su hau kansu, ya duba su da gaske, da ya yi kullum ya kasa dubawa. Inda takarda ta yi wuya, ana iya rubuta amsoshin nan a allo, 11/12 da 3/7 da 3/12 da 2/12, a ba kowace amsa lamba daga ɗaya zuwa huɗu, yara su sunkuyar da kai su ɗaga yatsu a lokaci ɗaya; ana samun hoton aji nan take, sai dai ba a samun dalili, kuma canki-canka ya dawo.

Akwai iyakoki biyu da ya wajaba a sani. Na farko harshe ne. A aji biyar littafi da jarrabawa da Turanci suke, amma yawancin yaranmu da Hausa suke tunani, wasu ma da Fulatanci ko Zabarmanci suka tashi. Yarinyar da ta san sarai cewa sulusi bai kai rabi ba tana iya barin tambaya ta biyu fayau don ba ta da Turancin da za ta faɗe shi, sai a lissafa ta cikin waɗanda ba su gane ba. Alamar da ake gane haka ita ce amsar lamba ta fito daidai, wurin bayani kuma babu komai, ko an kwafo kalmomin tambayar an mayar. Idan lissafi ake son aunawa, a karanta tambayar da Hausa, a kuma yarda yaro ya amsa da Hausa ko ya yi zane. Kalmomin rabi, sulusi, rubu'i da sudusi ba baƙi ba ne a garin da ake jin su a karatun rabon gado, kuma da yawa daga yaran da suka ruɗe da lambobi biyu da layi a tsakani suna warwarewa da zarar an kira ɓangaren da sunan da suka sani.

Iyaka ta biyu ta fi muhimmanci. Tikitin fita yana auna abin da ke kan yaro minti biyar bayan an gama bayani, lokacin da muryar malama ba ta gama fita daga kunnensa ba. Masu nazarin ƙwaƙwalwa, tun daga Hermann Ebbinghaus a 1885, sun nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. Saboda haka takardar da ta zo da kuskure hujja ce mai ƙarfi cewa akwai matsala, amma wadda ta zo daidai hujja ce mai rauni cewa karatu ya zauna. Wasu daga cikin 27 ɗin nan za su koma 3/7 idan aka bar su mako biyu, domin tsohuwar ɗabi'a ta fi sabuwa saiwa. Abin da malamarmu za ta yi shi ne ta ajiye takardun a ɗaure da roba, da kwanan wata a kai, bayan kwana bakwai ko goma, a ƙarshen wani darasi dabam, ta saka 2/5 + 1/2 a matsayin tambaya ta biyu ba tare da ta sanar ba. Amsar daidai 9/10 ce, kuma 3/7 da 3/10 za su sake nuna mata tsofaffin kurakuran nan biyu. Sai ta ɗauko ɗaurin farko ta jera sunaye, ta ga su wa suka bar tulin 3/7, su wa suka koma cikinsa, ta san da su wa za ta sake zama kafin a shiga ɗebewa.